Na biya miliyan 10 a kuɗin gida, mai gida ya ce ya fasa: in karɓi kuɗina ko in tsaya sai gidan?

Baban Khalifa
Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema, musamman daga lauyoyin cikinmu. A farkon Janairu na yi cinikin gida a Rijiyar Zaki nan Kano a kan naira miliyan 18. Na ba da miliyan 10 ta banki, muka rubuta takarda cewa zan cika sauran miliyan 8 ranar 31 ga Maris, shi kuma ya ba ni makulli da takardun gida a ranar. Ya sa hannu, na sa, shaidu biyu suka sa. Shekaranjiya sai ga saƙonsa a waya, wai in yi haƙuri ya fasa sayarwa, in turo lambar asusuna ya mayar mini da kuɗina. Dillalin da ya haɗa mu ya tsegunta mini cewa wani ne ya taya gidan miliyan 26. Ban ba shi amsa ba tukuna. Yayana ya ce in karɓi kuɗina in huta, abokina ya ce in kai shi kotu ya biya ni asara, ni kuma zuciyata gidan take so. Ina zan sa gaba?

Ɗan Sabon Titi
Wa alaikumus salam. Wannan ai damfara ce tsagwaronta. Ka kai ƙara wurin 'yan sanda kawai, ya kwana biyu a bayan kanta, da kansa zai kawo maka makulli.

Barista Maman Ilham
Ɗan Sabon Titi, a'a. Mutumin da ya ce zo ka karɓi kuɗinka bai damfare ka ba, alkawari ya karya, kuma karya alkawarin ciniki maganar kotun farar hula ce. Kotuna sun sha faɗa cewa 'yan sanda ba masu karɓo bashi ba ne. In aka tsare shi a kan wannan, shi ne zai juyo ya yi ƙarar Baban Khalifa a kan tauye masa haƙƙi, a ƙare mai gaskiya na biyan diyya.

Baban Khalifa, abu mafi kyau da ka yi shi ne shirun nan. Kada ka tura lambar asusu, kada ka rubuta masa "to shi ke nan" ko "Allah ya sa haka ne mafi alheri". Saƙonsa shi kaɗai bai kashe cinikin ba. A doka, idan mai sayarwa ya ce ya fasa, ciniki yana nan da ransa har sai mai saye ya amince da fasawar. Wuƙa da nama suna hannunka yanzu, amma da zarar ka amince da fasawar ba ka da damar dawowa gobe ka ce gidan kake so.

Ka amsa mini waɗannan. Gidan yana da takardar shaidar mallaka ta gwamna, kuma da sunan wa? Takardarku ta faɗi wane gida ne da lambar fili da farashi? Akwai inda aka rubuta abin da zai faru idan wani ya fasa? Sannan miliyan 8 ɗin, tana hannu ko nema kake?

Baban Khalifa
Barista na gode. Akwai takardar gwamna, da sunansa, na ga ta asali kuma ina da hotonta. Takardarmu ta faɗi lambar fili da unguwa da farashi da ranar cikawa. Ba a rubuta komai kan fasawa ba. Kuɗi kuwa, miliyan 5 na hannu, sauran 3 ina jiran wani fili nawa da na sa a kasuwa.

Alhaji Na Dillalai
Ɗana, ni ba lauya ba ne, amma na ga irin wannan ba sau ɗaya ba. Ƙwai a baka ya fi kaza a akurki. Ka je ka zauna da shi da manyan unguwa, ka ce ya ɗora maka wani abu a kan kuɗinka, ka karɓa ka nemi wani gida. Shari'ar gida takan cinye shekaru, mai ƙaramin ƙarfi ba ya iya ta. Kuma in ka karɓi kuɗinka magana ta ƙare, babu sauran diyya, don haka ka matsa masa tun kafin ka karɓa.

Barista Maman Ilham
Alhaji, maganar shekaru gaskiya ce, ban musa ba. Amma zancen cewa karɓar kuɗi yana kashe diyya, ba kullum ba. Ya danganta da yadda aka karɓa, kuma nan ne mutane suke yin asara ba su sani ba.

Akwai warware ciniki iri biyu. Na farko shi ne ku biyu ku yarda a koma kamar ba a taɓa yin ciniki ba: ga kuɗinka, ga gidana, kowa ya kama gabansa. In aka yi haka, musamman in ka sa hannu a takardar da ta ce ba ka bin sa komai, to diyya ta tafi, yadda Alhaji ya faɗa. Na biyu shi ne ka ce masa a rubuce: ka karya alkawari, na ɗauki cinikin a matsayin ya ƙare saboda laifinka, ka dawo mini da kuɗina, kuma zan bi ka asarar da ka ja mini. A nan gidan kawai ka saki, haƙƙin diyya yana nan.

Mu sa lissafi a kan kuɗin Baban Khalifa. In ya bi ta farko, zai tashi da miliyan 10 ɗinsa, wadda a yau ba za ta kai shi inda ta kai shi a Janairu ba. In ya bi ta biyu, ƙa'idar diyya ita ce a ajiye shi a inda da zai kasance in an cika alkawari. Da an cika, zai mallaki gidan miliyan 26 a kan miliyan 18. Bambancin miliyan 8 ne. Ke nan zai nemi miliyan 10 da ya bayar da kuma miliyan 8 ta diyya, jimla 18. In kuwa ya bi hanya ta uku, wato kotu ta tilasta wa mutumin ya cika ciniki, zai biya miliyan 8 ya karɓi gidan, ko nawa gidan ya kai a ranar hukunci.

Shi mai gidan ya yi nasa lissafin. In ka karɓi miliyan 10 ka yi shiru, ribar miliyan 8 ɗin nan aljihunsa za ta shiga. Shi ya sa yake gaggawar neman lambar asusu.

Injiniya Kaduna
Barista, to ai sai ya haɗa duka. Ya nemi gidan, ya nemi miliyan 8 ta diyya, ya nemi la'adar dillali da kuɗin lauyan da ya rubuta takarda, har da kuɗin hayar da zai ci gaba da biya. Mai laifi ai ba a tausaya masa.

Barista Maman Ilham
Injiniya, kotu ba horo take yi a shari'ar ciniki ba, cike gurbi take yi. Ba a ba mutum gida a kuma ba shi kuɗin rasa gidan. Abin da lauya yake yi shi ne ya rubuta buƙatun a jere: ina neman a tilasta cika ciniki, in hakan bai yiwu ba ina neman kuɗina da diyya. Doka ta yarda da wannan, kuma ba sai ka zaɓa tun ranar shigar da ƙara ba, kana iya riƙe biyun har zuwa lokacin hukunci. Wanda ya nemi gida kawai bai sa ta biyun ba, in alƙali ya ƙi ba shi gidan sai ya fito hannu rabbana, don kotu ba ta ba ka abin da ba ka roƙa ba.

La'ada da kuɗin rubuta takarda kuma, ka duba: ko da an cika cinikin ai da ya biya su. In aka ba shi ribar miliyan 8 aka kuma mayar masa da la'ada, ya fi yadda da zai kasance in an cika alkawari. Sai dai ya zaɓi ɗaya, ko ribar da ta kuɓuce ko kuɗin da ya kashe a banza. Mutum yakan zaɓi na biyun ne idan farashi bai tashi ba, ko ya kasa kawo hujjar tashinsa.

Haya daban ce. Tana iya shiga, har ma tare da neman gidan, a matsayin asarar jinkiri. Amma sai in mai gidan ya san da ita lokacin ciniki, ko abu ne da kowa zai zata. Wannan ƙa'ida ce tun shari'ar Hadley da Baxendale ta 1854 a Ingila, kuma kotunanmu suna binta. Baban Khalifa, ya san a gidan haya kake?

Baban Khalifa
Ya sani sarai. Shi ya sa ma muka sa 31 ga Maris, don hayata tana ƙarewa a Afrilu. Na faɗa masa a gaban dillali, kuma akwai saƙon da na tura masa a kai.

Ɗan Dawanau
Ku ba ni dama in sako tawa, don irinta ce. Bara na yi cinikin masara buhu 200 da wani a kan dubu 45 kowane buhu, na ba shi rabin kuɗi, zai kawo bayan sati uku. Da kasuwa ta motsa sai ya daina ɗaukar wayata, daga baya ya aiko a ce ya fasa. Ranar da ya kamata ya kawo, buhu yana dubu 58. Na ce ni masarata nake so, na ƙi karɓar kuɗi, na zauna jira. Kafin wata biyu buhu ya kai dubu 70. Da na je wurin lauya sai ya ce kotu ba za ta sa shi ya kawo masara ba, kuma ba za a yi mini lissafi da dubu 70 ba. Har yau abin yana ci mini rai. Me ya sa shi za a tilasta masa gida, ni ba za a tilasta mini masara ba?

Barista Maman Ilham
Ɗan Dawanau, lauyanka ya faɗa maka daidai. Kotu tana tilasta cika ciniki ne kawai inda kuɗi ba zai maye gurbin abin ba. Masara tana nan jibge a Dawanau, in aka ba ka kuɗi ka taka rumfa ta gaba ka saya. Gida kuwa doka tana ɗaukar kowanne a matsayin babu irinsa, domin ba gida biyu a fili ɗaya. Kaya ma akan tilasta, amma sai takamaiman abin da aka nuna aka ware, wanda ba a samun madadinsa da sauƙi, kamar wani inji da babu irinsa a kasuwa.

Lissafinka yana cikin dokar sayar da kaya ta 1893 da muka gada, sashe na 51, kuma dokokin jihohin da suka maye gurbinta haka suka ɗauko shi: bambancin farashin ciniki da farashin kasuwa a ranar da ya kamata a kawo kaya. Dubu 58 a cire 45, saura 13. Sau 200, miliyan 2 da dubu 600, a kan kuɗinka da zai dawo. Tashin da aka yi daga 58 zuwa 70 kai ka ɗauke shi, don doka tana sa ran ranar da aka saɓa maka ka shiga kasuwa ka sayi wata, ka tsayar da asarar. Zaman jiran da zai taimaki mai sayen gida shi ne ya cuce ka.

Ɗan Dawanau
To da wane kuɗin zan sayi wata alhali rabin jarina yana hannunsa? Wannan doka ta masu kuɗi ce.

Barista Maman Ilham
Tambayar tana da ƙarfi, kuma lauya yana iya kafa hujja da ita cewa riƙe maka kuɗi ne ya hana ka saye. Sai dai kai ne ka ƙi karɓar kuɗin da aka miƙo maka, nan hujjar take raunana.

Malam Na Zaure
Assalamu alaikum. Tunda duka biyun Musulmi ne, bari in faɗi abin da ke wajen malamanmu na Malikiyya. Ciniki yana ƙulluwa da "na sayar" da "na saya". A mazhabarmu ko zaɓin majalisi, wato damar fasawa kafin masu ciniki su rabu a wurin, babu, balle bayan wata ɗaya da rabi da karɓar kuɗi. Gidan ya zama na Baban Khalifa tun ranar, sauran kuɗin bashi ne a kansa zuwa ajalinsa. Mai gida ba shi da ikon fasawa shi kaɗai, alƙali zai tilasta masa ya miƙa. In ya sayar wa wani, ya sayar da abin da ba nasa ba. Shi ma mai tayin miliyan 26, in ya san an riga an yi ciniki, ya shiga cikin hanin da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi na mutum ya yi ciniki a kan cinikin ɗan'uwansa.

Abin da mai gidan yake nema sunansa iƙala, wato roƙon a warware. Akwai lada ga wanda ya yi wa mai nadama iƙala, amma ba wajibi ba ce, kuma wannan ba nadama ce ta kawo shi ba, ƙarin kuɗi ya hango.

Inda nake jan hankali shi ne shawarar Alhaji. Ka ba da miliyan 10, bayan wata biyu ka karɓi 13 ko 14, gida bai taɓa shiga hannunka ba. Malamai suna tsoron irin wannan sura, don tana kama da bashin da ya jawo amfani. Wasu za su ce sabon ciniki ne, ka sayar masa da gidanka da riba, tunda ba abinci ba ne da aka hana sayarwa kafin a karɓa. Ni dai ba zan yanke a nan ba, a kai wa malami takardar ya duba yadda za a tsara. Kuɗin ruwa a kan miliyan 10 kuwa, wannan babu saɓani, a bar shi.

Alhaji Na Dillalai
Allah ya gafarta Malam, to ai a kasuwa kullum haka ake yi, a ce "ga ladan haƙuri". Ban taɓa jin an kira shi riba ba.

Malam Na Zaure
Alhaji, yawan yi ba ya zama hujja. Ban ce haramun ba ne, na ce a tsara shi da ilimi.

Injiniya Kaduna
To in haka ne ya tafi kotun Musulunci mana. Ta fi sauri, kuma ga shi Malam ya ce gidan nasa ne kai tsaye.

Barista Maman Ilham
Nan akwai tarko. Gidan yana da takardar gwamna, kuma sashe na 39 na Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ya ba Babbar Kotun jiha ita kaɗai hurumin shari'ar filin da ke ƙarƙashin irin wannan takarda. Kana iya yin nasara a ƙasa, a ɗaukaka ƙara a rushe komai a kan hurumi, ka dawo farko bayan shekaru. Sulhu a gaban malamai ko dattawa ba laifi, amma in ƙara ce, Babbar Kotu.

Kuma lauyan mai gidan zai ɗaga sashe na 22, ya ce ba a nemi amincewar gwamna ba, don haka cinikin banza ne. Kada wannan ya tsorata ka. Kotun Ƙoli a shari'ar Awojugbagbe da Chinukwe ta 1995 ta bambanta yarjejeniyar sayarwa da ainihin miƙa mallaka. Ana iya ƙulla yarjejeniya kafin amincewar, miƙawar ce ba ta cika sai da ita. Kuma neman amincewar aikin mai takarda ne, wato shi.

Baban Khalifa
Jama'a sabon abu ya faru. Yanzun nan alat ya shigo, miliyan 10 cif. Ashe ya samo lambar asusuna daga rasit ɗin taransifar da na yi masa. Ya biyo da saƙo wai "na sauke nauyi". Shi ke nan gidan ya tafi?

Ɗan Sabon Titi
Ka riƙe kuɗin kuma ka ci gaba da neman gidan. Shi ya jiyo.

Barista Maman Ilham
Kada ka bi wannan. Gidan bai tafi ba, don ba kai ka nema ba, amma abin da za ka yi cikin kwana biyu zuwa uku shi zai nuna ko ka amince. In ka yi shiru, ko ka taɓa kuɗin ka sa a wata harka, lauyansa zai ce ka karɓi fasawa da aikinka ko da ba ka faɗa da baki ba. In gidan kake so, yau ka amsa masa a rubuce cewa ba ka yarda da fasawa ba, ba ka nemi a dawo da kuɗi ba, kuma kana nan a kan ranar 31 ga Maris. Gobe lauyanka ya bi da wasiƙa. Kuɗin ka mayar masa ta banki da bayanin abin da kuɗin yake. In kana tsoron kada ka mayar su salwanta, lauya ya rubuta cewa an ajiye su gefe ba a taɓa ba, kuma a nemi izinin zuba su a kotu da zarar an shigar da ƙara.

Yanzu maganar da ta fi damuna, miliyan 3 ɗin da ba ta cika ba. In ka ƙi amincewa da fasawa, cinikin yana raye a kanku ku biyu, ba a kansa kaɗai ba. Ranar 31 ga Maris tana nan a wuyanka. Tilasta cika ciniki ba haƙƙi ba ne da ake ba kowa, alƙali ne yake dubawa ya ga ya dace, kuma abin da yake fara tambaya shi ne: mai ƙara ya cika nasa, ko a shirye yake ya cika? In ranar ta zo ba ka da miliyan 8, mutumin da ya fara karya alkawari zai samu bakin cewa kai ma ka gaza. Don haka kafin ranar ka haɗa kuɗin, ko da rance ne daga 'yan'uwa, ka sa banki ya yi maka daraf da sunansa, lauya ya aika masa da hotonsa da wasiƙar cewa ga kuɗi a zo a karɓa a ba da takardu. Ya ƙi karɓa, ba komai. Wannan daraf ɗin da takardar bayanan asusunka su ne shaidarka.

In ka san a ranka ba za ka iya haɗawa ba, gara ka amince da fasawar tun yanzu a rubuce, ka riƙe miliyan 10, ka bi diyya. Ta nan ba a bukatar ka ajiye miliyan 8 tana jiran hukunci, ko da yake zai iya cewa da ma ba za ka iya cikawa ba, don haka ka adana shaidar filin da ka sa a kasuwa.

Injiniya Kaduna
Amma zai iya shigar da ƙara tun yanzu? Ai ranar cikawa ba ta yi ba, mutumin bai saɓa komai ba tukuna.

Barista Maman Ilham
Zai iya. Akwai shari'ar Hasham da Zenab ta 1960, a kan wani fili a Nairobi. Mai sayarwa ta yayyaga takardar jim kaɗan bayan ta sa hannu, mai saye ya shigar da ƙara tun kafin ranar cikawa, kuma kotun ƙarshe ta Ingila mai sauraron ƙararrakin ƙasashen da ke ƙarƙashinta ta ce ƙarar ta yi daidai. Kotu ba za ta sa a miƙa gida kafin ranarsa ba, amma ba sai ka jira ba.

Kuma gaggawar tana da dalili. Babban abin da ke kashe neman gida shi ne a sayar wa wani wanda ya biya kuɗi, ya karɓi mallaka ta doka, bai san da cinikinka ba. In hakan ta faru, kotu ba za ta ƙwace daga hannunsa ba, sai dai ka koma kan diyya. Maganinsa shi ne ka hana kowa cewa bai sani ba. Lauya ya rubuta wa ofishin rajistar filaye a sa gargaɗi a fayil ɗin gidan. A rubuta wa mai tayin miliyan 26 ɗin in an san shi, a haɗa masa da hoton takardarku. A shigar da ƙara tare da neman odar hana sayarwa har a gama shari'a. Wanda ya saya bayan duk wannan, ya sayi rigima da idonsa a buɗe.

Alhaji Na Dillalai
Barista, duk na ji. Amma ki faɗa masa gaskiyar lokaci. Babbar Kotu, Kotun Ɗaukaka Ƙara, Kotun Ƙoli. Yaron nan hayarsa Afrilu za ta ƙare. Miliyan 18 za ta kwanta ba ta gida ba ta kasuwa. Kin manta yadda naira ta yi daga tsakiyar 2023? Dala tana ƙasa da 500 a farashin gwamnati, kafin shekara ta zagayo ta haura 1,000 da nisa.

Barista Maman Ilham
Ban manta ba Alhaji, kuma wannan hujjar taka kaifi biyu gare ta. Faɗuwar naira ita ce babban dalilin da ya sa neman gida ya fi neman diyya. Diyya a bisa al'ada ana auna ta da farashin lokacin da aka karya alkawari. In aka ba shi miliyan 8 bayan shekara biyar, wataƙila ko fili ba za ta saya ba, alhali gidan yana bin kasuwa. A Ingila, shari'ar Johnson da Agnew ta 1979 ta ce wanda ya bi neman cika ciniki da gaskiya, daga baya abin ya gagara, yana iya komawa kan diyya, kuma ana iya auna ta da ranar da abin ya gagara maimakon ranar saɓawa. Hukuncin ba dole ba ne a kan kotunanmu, lauya yana kawo shi ne don jan hankalin alƙali, don haka ba na yi wa kowa alkawarin za a bi shi.

Sannan miliyan 26 ɗin nan, a yanzu zancen dillali ce. A kotu sai an kawo ƙwararren mai kimanta gidaje ya rubuta rahoto ya zo ya tsaya a kai. In ya ce gidan miliyan 22 ne, diyyar ta koma 4.

Ni abin da na gani a aiki, odar hana sayarwa ita take kawo mutane teburin sulhu. Mai tayi ba ya son gidan da ke kotu, sai ya janye, mai gida ya ga ba 26 ba 18. A lokacin ne zaman dattawan da Alhaji yake so yake yin amfani.

Ɗan Dawanau
Ni dai da ni ne, in ya ba ni 14 a hannu yau na karɓa. Na ɗanɗana jira.

Injiniya Kaduna
14 a kan haƙƙin 18? Kuma a bar shi ya ci ribar 4 a kan karya alkawari? Ni ba zan iya ba.

Baban Khalifa
Na tura masa saƙon cewa ban amince ba, na ɗauki hotonsa na ajiye. Gobe da safe zan ga lauya da takardun. Na kira yayana kan miliyan 3, ya ce zai iya ba ni 2 zuwa tsakiyar Maris, saura 1 ke nan. Barista, tambaya ɗaya: kuɗin da ya turo, in mayar masa kai tsaye ko in jira a zuba a kotu? Tsorona kada in mayar ya sayar da gidan ya kuma riƙe kuɗin.

Barista Maman Ilham
Kada ka motsa su yau. Ka bari lauyanka ya fara bincika fayil ɗin gidan a rajista gobe, ya ga ko an riga an shigar da wata takarda ko gidan yana jingine a banki. In fayil ɗin a tsabtace yake kuma an sa gargaɗi, mayarwa ta fi ƙarfi a gaban alƙali. In an ga wani abu a ciki, kuɗin su zauna inda suke, a sake lissafi. Ka tafi da takardar asali, rasit ɗin taransifa biyun, da wayar da saƙonnin suke ciki, kada ka goge ko ɗaya.